Abokin da kullum yake mayar da kai abin dariya: yaushe ake janye jiki?

A harkar abota, yawancinmu hanya biyu muka iya. Ko dai mutum ya yi ta haƙuri shekara da shekaru yana haɗiyar baƙar magana, ko kuma ranar da tura ta kai bango ya fashe a gaban jama'a, a yi baram-baram, a shiga gaba. Ni ina ganin duka biyun asara ce, kuma ta farkon ce take haifar da ta biyun. Akwai hanya ta uku da addini ya yarda da ita, al'ada ma ba ta hana ba: ka sauke mutum daga matsayin amini, ka bar shi a matsayin ɗan'uwa musulmi ko maƙwabcin da ake gaisawa. Abin da ke da wuya shi ne sanin lokacin da ya kamata a yi hakan, da kuma abubuwan da dole a warware kafin a yi.

Abokin da nake nufi ba wanda kuka saɓa sau ɗaya ba ne. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ina nufin wanda duk ranar da kuka zauna, za ka tashi jikinka a mace, ka kwana kana juya wata magana da ya yaɓa maka, kana shirya amsar da ya kamata ka ba shi amma ba ka ba shi ba. In ka ga kiransa gabanka ya faɗi. In wani alheri ya same ka sai ka tsaya kana tunanin ko za ka faɗa masa, domin ka san zai nemo inda zai kushe. Ba maƙiyinka ba ne, shi ya sa abin yake da rikitarwa. Ya taɓa kwana da kai a asibiti, ya tsaya maka a bikinka, wataƙila ya taɓa ba ka rance a ranar da kowa ya juya maka baya.

Masu bincike sun duba irin wannan alaƙa mai haɗe da daɗi da ɗaci. A 2003 Julianne Holt-Lunstad da Bert Uchino da abokan aikinsu a Amurka sun wallafa wani bincike da aka ɗaura wa mutane na'urar awon hawan jini na kwana 3, suna rubuta wanda suka yi mu'amala da shi a duk lokacin da aka yi awo. An ga jinin ya fi hawa idan suna tare da mutumin da suke so kuma yake ɓata musu rai, fiye ma da lokacin da suke tare da wanda ba sa shiri da shi sam. Hankali zai ɗauki wannan. Maƙiyi ka san shi, ka ɗaure masa, maganarsa ba ta shiga. Amini kuwa a buɗe kake zuwa wajensa, ba ka san ko yau ranar raha ce ko ranar yarfawa ba, don haka kullum a ɗarare kake. Gajiyar da mutum ke ji bayan hira da irin wannan aboki ba raki ba ce, jiki ne yake biyan kuɗin zaman.

Garkuwar mai raini a ƙasar Hausa ita ce "wasa nake yi". Kuma garkuwa ce mai ƙarfi, domin mu mutane ne masu wasa. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Fulani da Barebari, na Gobirawa da Yarbawa, na Kanawa da Zazzagawa. A Nijar wasan barkwancin nan har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014. Saboda haka wanda ya ce bai ji daɗin wasa ba, nan take za a ce ba shi da faɗin ƙirji. Amma duk wanda ya san wasan taubasai ya san yana da ƙa'ida. Ana yi ana ramawa: in ya kira ka bawansa yau, gobe kai ma ka kira shi, kowa ya yi dariya. Abin da ake tsokana a kai sananne ne, gado ne, kuma ba ya taɓa ciwon mutum na gaske. Babu taubashin kirki da zai yi wa mace wasa da rashin haihuwarta, ko ya yi wa namiji wasa da korar da aka yi masa daga aiki makon jiya. Kuma da zarar fuska ta canja, wasa ya ƙare.

Da waɗannan za ka auna abin da abokinka yake yi maka. Gwada rama masa da irin maganarsa, daidai nauyinta, a gaban mutanen da ya saba yi maka. In ya yi dariya, to wataƙila bakinsa ne da kaifi kawai, kuma magana ɗaya za ta gyara shi. In ya haɗe rai, ya ce ka raina shi, to abin da yake yi ba wasa ba ne, matsayi yake nunawa: shi a sama, kai a ƙasa. Sannan ka lura da inda yake samo kayan tsokanar. Mai raini ba ya ƙirƙira, daga cikin sirrin da ka ba shi yake ɗebowa. Ka faɗa masa ana binka bashi, bayan sati biyu a majalisa ana maganar sayen fili sai ya ce, "Ku bar wannan, shi mai shago ma ɓuyar masa yake yi." Ka kuma lura da lokacin. Da yawansu idan ku biyu ne lafiya lau, sai an sami 'yan kallo, musamman wanda kake jin kunya: surukinka, maigidanka a kasuwa, yarinyar da kake nema. Alƙur'ani ya ambaci wannan ɗabi'a ƙarara a Suratul Hujurat, aya ta 11, inda aka hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, aka hana mata su yi wa mata, aka hana aibanta juna da jifa da miyagun laƙabobi. Wanda ya laƙaba maka sunan da ba ka so, ya yaɗa shi har yaran unguwa suka ɗauka, ba shi da mafaka a wajen "wasa".

Sai dai ba duk abokin da ke gajiyar da kai ne ya cancanci a janye masa ba, kuma a nan mutane suke zalunci. Matar da aurenta ya mutu, ko wanda aka yi wa rasuwa, ko wanda jarinsa ya karye, zai iya shafe watanni ba ya magana sai ta damuwarsa. Zama da shi da nauyi, amma ba ya ƙasƙantar da kai. Wannan ba a guje masa, sai dai a tsara zaman: ziyara sau ɗaya a mako maimakon kiran awa biyu kowane dare. Haka nan abokin da ke faɗa maka gaskiya mai ɗaci. Bambancinsa da mai raini a fili yake: shi yana jan ka gefe, yana magana a kan abin da ka aikata, yana nuna maka mafita. Mai raini a cikin taro yake yi, a kan abin da ba za ka iya canjawa ba, kuma ba ya son ka gyaru domin abin dariyarsa zai ƙare. Akwai kuma abu na uku da ya kamata mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah. In kowa ne yake gajiyar da kai, matarka da 'yan'uwanka da abokan aiki, barci ya ƙaurace, abinci ba daɗi, kuma an kwashe sama da mako 2 a haka, to matsalar ba ta aboki ɗaya ba ce. Likita ya kamata a gani kafin a fara yanke mutane.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce, ko da yake wasu za su ga kamar ta yi yawa. Ka ɗauki haɗuwa 5 ko 6 masu zuwa, bayan kowace ka rubuta layi biyu a takarda ko a wayarka: me ya faɗa, a gaban wa, yaya ka tashi. Amfanin rubutun shi ne zuciya tana da mantuwa ta ɓangare biyu. Ranar da ya kyautata maka sai ka manta da duk na baya, ranar da ya ɓata maka sai ka ga kamar bai taɓa yin alheri ba. Takarda ba ta yin haka. In a cikin haɗuwa 6 sau ɗaya ne, wannan zaman tare ne, a bar shi. In 4 ne ko 5, kuma a kan abu ɗaya ake ta dawowa, to hali ne.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, domin a cikin ƙananan abubuwa ne ake yin kuskure. A ce wata mata ce mai ɗinki a cikin gida, tana da ƙawa tun suna makarantar Islamiyya. Ƙawar ta auri mai hali, ita kuma mijinta ƙaramin ma'aikaci ne. A kowane taro ƙawar sai ta taɓa ta: "Wannan atamfar ai tun sunan ɗanki na fari nake ganinta," ko ta gabatar da ita ga baƙi da cewa, "Telata ce," ba "ƙawata" ba. Mai ɗinkin ta taɓa ba ƙawar labarin wani saɓani da mijinta, sai ga shi ya fito a bakin wata a gidan biki. A tsakaninsu akwai adashin mata 10, zubin naira 20,000 duk wata, ƙawar ce uwar adashi, mai ɗinki kuma ta riga ta kwashe nata 200,000 a wata na huɗu. Ƙawar tana riƙe da kuɗin ɗinkin kaya kala 5, a ce 35,000, ba ta biya ba. Suna cikin zauren WhatsApp ɗaya na tsofaffin ɗalibai, iyayensu mata kuma sun san juna.

Matakin farko magana ce, kuma ba a tsallake shi. Yawancin masu cewa "na gaji da ita" ba su taɓa faɗa wa mutumin a fili ba. Sun yi habaici, sun yi gugar zana, sun ɗora karin magana a status, sun yi kwana biyu ba sa amsa saƙo. Duk wannan ba magana ba ce, domin ya bar wa ɗayan ƙofar cewa bai gane ba. Maganar da ake nufi ana yinta ne ku biyu, ba a ranar da abin ya faru ba kuma ba bayan wata uku ba, a ce cikin kwana biyu ko uku. Fuska da fuska ya fi, domin saƙon murya ana turawa gaba. Kuma abu ɗaya ake kamawa. Mai ɗinki za ta ce, "Ƙawata, maganar atamfar nan da kika yi ranar suna a gaban su Hajiya, ban ji daɗinta ba. Ba yau kika fara ba, na daɗe ina shiru. Don Allah kada ki ƙara yi min irin wannan a cikin mutane." Shi ke nan. Kada ta ce "ke dama halinki ke nan", domin daga nan hira ta koma gardama a kan hali, ita kuma ɗayar za ta jero duk alherin da ta taɓa yi. Kada ta kwaso laifin shekara goma. Kada kuma ta rufe da "ki yi haƙuri in na ɓata miki", domin ta rushe abin da ta gina.

Abin da ya biyo bayan wannan magana shi ne ma'auni, ba girman cin fuskar ba, ba kuma yawan shekarun da aka yi tare ba. Wannan shi ne ra'ayina, kuma a kansa na tsaya. Mutumin da yake son ka amma bakinsa ya yi masa yawa, zai ji kunya. Zai iya ɗan kare kansa a take, wannan ɗan Adam ne, amma za ka ga canji, in ma ya sake zamewa zai kama kansa. Mai raini kuwa amsarsa iri uku ce, kuma duk wanda ya taɓa gwadawa zai gane su. Ko ya juya laifin kanka: "Ke kin cika riƙo, ashe ba a wasa da ke." Ko ya yi gori: "Duk abin da na yi miki, wannan ce sakayyar?" Ko ya ba da haƙuri da baki mai daɗi, ya yi sati biyu lafiya, sannan ya mayar da ƙorafin naka sabon abin dariya: "Ku yi a hankali da ita, yanzu ba a taɓa ta." Wannan ta ukun ta fi kowace muni, domin ta nuna ya ji sarai, ya san inda yake maka ciwo, ya zaɓi ya ci gaba. Ni a ganina wata biyu sun isa a gani. In a cikinsu an maimaita abin da ka hana sau biyu, ba sai an sake zama na biyu ba. Wanda aka gaya wa a fili ya sake, ba rashin sani ke damunsa ba.

A nan ne ake kawo hadisin kwana uku, kuma hujja ce da ya kamata a ɗauke ta da muhimmanci, ba a kauce mata ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abu Ayyub al-Ansari cewa bai halatta musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, kuma mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama. Amma a duba siffar abin da aka hana: haɗuwa a kau da kai. Gaba ke nan. Mafi yawan malamai suna ganin sallama da amsa ta suna fitar da mutum daga wannan hani. Ba a ce dole ka ci gaba da ba shi sirrinka ba, ko ka zauna a majalisarsa kowane dare. Malamin Andalus ɗin nan Ibn Abdil Barr ya yi bayanin cewa an yarda mutum ya nisanci wanda mu'amala da shi za ta cutar da addininsa ko ta jawo masa cuta a rayuwarsa, kuma sau da yawa rabuwa mai kyau ta fi cuɗanya mai cutarwa. Haƙƙoƙin musulmi a kan musulmi da suka zo a hadisin Abu Huraira guda 6 ne: sallama, amsa gayyata, nasiha in ya nema, addu'a in ya yi atishawa ya gode wa Allah, dubiya in ba shi da lafiya, da rakiyar gawarsa. Aminci ba ya cikinsu. Aminci kyauta ce da mutum yake ba wanda ya ga dama, kuma yana da ikon karɓe ta.

Wannan ya shafi aboki ne. In mai rainin 'yar'uwarka ce ta jini, ko ɗan baffanka, hukuncin zumunci ya shigo kuma ya fi wannan nauyi. Can ana rage zama da ba da sirri, amma ba a janye ƙafa.

Mu koma wajen mai ɗinki. Ta yi magana, an mayar da ita abin dariya a zauren WhatsApp, ta yanke shawara. Kafin ta ja baya, dole ta kwance igiyoyin kuɗi, domin da su ake jawo mutum ya dawo, da su kuma ake ɓata masa suna. Adashi ne babba. Ta kwashi 200,000, ta zuba wata 4, saura zubi 6, wato 120,000. Kada ta kuskura ta fita, kada kuma ta yi jinkirin kwana ɗaya. Ranar da ta makara, labarin zai tashi daga "ta yi fushi" ya koma "ta ci kuɗin mutane ta gudu", kuma wannan tabon ba ya goguwa a unguwa. Ta riƙa turawa ta banki ranar da aka saba ko kafin ranar, ta ajiye shaidar kowane zubi. In zagayen ya ƙare, ta ce ba za ta shiga na gaba ba, ba tare da dogon bayani ba. Kuskuren da ya fi jan hankali shi ne ta ce za ta cire 35,000 ɗinta na ɗinki daga zubi. Ba daidai ba ne, domin kuɗin adashi ba na uwar adashi ba ne, na matar da za ta kwasa a watan ne. In ta yi haka ta jawo wa kanta rigima da mutum takwas da ba ruwansu.

Kuɗin ɗinkin kuwa ta tambaya sau ɗaya, a rubuce, da adadi da rana: kala 5, 35,000, tana buƙata kafin ƙarshen wata. In an biya, alhamdu lillahi. In ba a biya ba, ta auna: bin 35,000 zai sa ta yi ta kira da aike wata da watanni, wato abotar da take son sassautawa ta ci gaba ta ƙofar baya. Ga wadda za ta iya ɗauka, yafewa ta fi sauƙi, amma yafewa ta gaske, ba wadda za a riƙa ba da labarinta ba. In kuɗin ya fi ƙarfin a bar shi, sai a sa babba ɗaya da dukansu suke jin nauyinsa, a tsaya a kan maganar kuɗi kawai. Daga ranar kuma babu sabon ɗinki sai an biya kafin a yanka, ko ta ce aiki ya yi mata yawa. In akwai atamfar ƙawar a hannunta, ta ɗinka ta aika, kada ta riƙe kayan mutum a matsayin jingina. Haka gudunmawar biki. In ƙawar ta taɓa kawo mata 10,000 ranar suna, to ranar da sha'ani ya tashi a gidan ƙawar ta kai nata, ta yi barka, ta ɗan zauna, ta tafi. Ta fita haƙƙi, ta kuma toshe bakin gori.

Bayan kuɗi sai sirri. Wanda ya riga ya fita ya fita, ba a dawo da shi. Abin da ke hannunta shi ne kada ta ƙara sabo. "Ya gida, ya maigidan?" amsarsa "Lafiya lau, alhamdu lillahi," ko da a ranar an kwana ba a magana. Wannan ya fi komai wuya, domin sabo ne, kuma mai raini in ya ji ana janyewa yakan dawo da taushi na ɗan lokaci, ya kira da dare, ya fara ba da nasa sirrin don a saki jiki. Mutane da yawa a nan suke komawa. Taushin da bai zo da amsa laifi ba, bai kuma zo da dainawa a gaban mutane ba, ba canji ba ne.

Janyewar kanta a hankali ake yinta. Ta daina fara kira. In an kira ta ɗauka, ta gaisa, minti biyu ko uku, ta ce tana kan aiki. Ziyarar hira ta tsaya, ta dubiya da ta'aziyya da barka su ci gaba. Ankon da ƙawar ta fitar ba dole ba ne. Kada ta fice daga zauren WhatsApp, domin fitar sanarwa ce, kowa zai gani ya bi ta da tambaya. Ta kashe ƙarar zauren ta rage magana. Toshe lamba ma ba a fara da shi, sai in an koma zagi ko damu da kira. Idan ƙawar ta tambaya kai tsaye, "Wai me na yi miki?", ba a ƙarya kuma ba a buɗe sabuwar shari'a: "Na gaya miki abin da ba na so, aka ci gaba. Ba na gaba da ke, amma zaman da muke yi da ba zai yiwu ba." Ga namiji a majalisa abin ya ɗan bambanta, domin majalisar ba ta mutum ɗaya ba ce kuma bai kamata ya rasa sauran abokansa saboda mutum ɗaya ba. Zai iya rage zuwa, ya canja lokaci, ya riƙa neman waɗanda yake shiri da su ɗaya-ɗaya. In an taɓa shi a zaune, ya ce "Malam, na hana ka wannan," ya yi sallama ya tashi, ba hayaniya.

Masu sulhu za su zo, kuma yawancinsu da kyakkyawar niyya. Matsalar sulhunmu ita ce nauyin yakan faɗa kan wanda ya fi sauƙin lanƙwasawa. An san mai rainin ba ya jin magana, don haka sai a zo wajen mai haƙurin a ce ya ƙara. Za a ce shekara ashirin ba wasa ba ce, za a ce mahaƙurci mawadaci. Amsar da ta dace ga babba ita ce ta ladabi kuma gajera: "Baba, ba ma gaba, muna gaisawa, na kuma yafe. Yawan zaman ne na rage." Babu malami ko dattijon da zai ce wannan haramun ne. Abin da zai lalata wannan matsayi shi ne mutum ya bi gida-gida yana ba da labarin abin da aka yi masa. Da zarar mai ɗinki ta fara zayyana wa sauran ƙawaye halin ƙawarta, ta shiga gulma, ta tilasta musu zaɓen ɓangare, kuma duk abin da ta faɗa zai koma da ƙari. Mutum ɗaya mai riƙon amana ya isa a yi shawara da shi. Shekarun da ake ta ambata kuwa, hujja ce ta a yi magana kafin a janye, kuma ta a rabu da mutunci. Ba hujja ba ce ta a ƙara wasu ashirin ɗin a haka.

Akwai inda duk wannan sannu-sannu ba ta aiki. In mutum ya fara barazanar tona asiri, ko ya ce zai watsa hotuna ko saƙonnin murya, ko yana kai magana wajen miji ko mata ko wajen aiki don ya raba, ko ya kai hannu, to an wuce maganar wata biyu. A ranar ake yankewa. Kada a goge saƙonnin, a ɗauki hotonsu a ajiye a wani wuri daban. Kada a biya ko sisi don a yi shiru, domin wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. A riga shi faɗa wa wanda yake barazanar zai kai wa maganar, ko a faɗa wa babba a gida, domin ƙarfin barazana a ɓoye yake. A Najeriya dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta yi wa mutum barazana ta waya ko intanet, ana iya kai ƙara wajen 'yan sanda da waɗannan shaidu.

Watannin farko bayan janyewa ba su da daɗi, kuma gara mutum ya san haka tun da wuri don kada ya ɗauka kuskure ya yi. Za a ji kewa, domin wanda aka rabu da shi ba mugu ne zalla ba, kuma lokacin da ake ɓatawa tare da shi ya zama fili. Mai ɗinki za ta ga abin dariya ta ɗauki waya ta tura mata kafin ta tuna. Abin dubawa bayan wata uku shi ne ko barci ya daidaita, ko ta daina shirya amsoshi a zuci, ko ta fara faɗin alherin da ya same ta ba tare da fargaba ba. In ƙawar ta dawo daga baya, ana iya buɗe ƙofa, amma da sharaɗin da ake iya gani da ido: ta ambaci abin da ta yi da bakinta ba tare da "amma ke ma" ba, ta biya 35,000 ɗin in ba a yafe ba, sannan a ga taro biyu ko uku sun wuce ba ta taɓa ta ba. Ko a lokacin, gaisuwa da ziyara ne suke fara dawowa. Maganar cikin gida da sabon adashi sai an shekara ana gani.